Rabon riba yana magana: martani ga mai cewa canjin aljihu ne kawai

Wani malami ɗan'uwanmu da ke koyar da ilimin kuɗi ya rubuta maƙala domin ɗalibai masu shirin jarrabawa, kuma ta zagaya hannun mutane har ta iso mana nan Imanan. Tambayar da ya ɗauko tsohuwa ce, ba ta kuma rasa fitowa a jarrabawa: shin rabon ribar da kamfani ke yi wa masu hannun jari yana ɗauke da wani labari game da gobensa? Malam ya ce a'a. A ganinsa ra'in ishara, wato ra'in da ke cewa daraktoci suna sanar da kasuwa abin da ke cikin kamfani ta hanyar ƙara rabo ko rage shi, tatsuniya ce ta masana. Ya kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, rabon riba cire kuɗi ne daga aljihun dama a sa a na hagu, tun da farashin hannun jari yana sauka daidai da abin da aka raba. Na biyu, kamfani yana buga rahoton kuɗinsa duk shekara, don haka babu wani sirri da ya rage da za a yi ishara da shi. Na uku, an sha ganin kamfanonin da suka riƙa raba riba suna kan hanyar durƙushewa, kuma bincike ya nuna ƙarin rabo ba ya haifar da ƙarin riba.

Hujjar farko gaskiya ce, amma ba ta taɓa batun ba. Ta biyu kuskure ce. Ta uku ita ce mai nauyi, kuma ita ma Malam bai karanta ta har ƙarshe ba.

Mu fara da aljihun. Wannan magana ta Merton Miller da Franco Modigliani ce, a maƙalarsu ta 1961. Sun nuna cewa idan babu haraji, babu kuɗin dillanci, an riga an tsayar da ayyukan da kamfani zai zuba wa jari, kuma kowa ya san abin da kowa ya sani, to darajar kamfani ba ta dogara da nawa ya raba ba. Wanda yake son kuɗi a hannu zai iya sayar da kaɗan daga hannun jarinsa, wanda ba ya so zai iya mayar da rabonsa ya sayi ƙari. Lissafin ba shi da aibi. Sai dai Malam ya tsallake sharaɗin ƙarshe, na cewa kowa ya san abin da kowa ya sani, alhali a kansa ne duk gardamar take. Su kansu mutanen biyu, a cikin wannan maƙalar, sun yarda cewa a kasuwa ta zahiri farashi yana motsawa idan aka canja rabo, domin masu saye suna ɗaukar canjin a matsayin labarin abin da daraktoci ke hange. Malam ya kira shaidu biyu, sai ga shi sun ba da shaida a kansa.

Akwai kuma ranaku biyu da ya haɗa wuri guda. Akwai ranar sanarwa, lokacin da hukumar daraktoci ke cewa bana za mu ba da kaza a kan kowane hannun jari. Akwai ranar yanke rabo, wadda daga ita duk wanda ya sayi hannun jarin ba shi da haƙƙi a rabon bana. A rana ta biyu farashi yana sauka da kusan adadin rabon, kuma babu labari a ciki, kuɗi ne suka fita daga asusun kamfani. Ra'in ishara ba ya magana a kan wannan rana. Yana magana ne a kan ranar sanarwa, ranar da ko dala ba ta fita ba tukuna amma farashi ya motsa. Roni Michaely da Richard Thaler da Kent Womack sun bi kamfanonin Amurka a wani bincike da suka buga a 1995, suka ga kamfanin da ya fara raba riba farashinsa yana hawa da kimanin kashi 3 cikin 100 a kwanakin sanarwa, wanda kuwa ya daina rabawa yana faɗuwa da kimanin kashi 7. Idan canjin aljihu ne kawai, me ya motsa farashin tun kafin hannu ya shiga aljihun?

Yanzu ga hujja ta biyu, cewa rahoton kuɗi ya wadatar. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙarshen shekara na wata ƙungiyar manoma ya san tazarar da ke tsakanin riba a takarda da kuɗi a asusu. Riba sakamakon hukunci ne da mutane suka yanke: wane bashi ne za a ce zai dawo, wane ne za a yafe, kayan da ke sito nawa za a ƙiyasta darajarsu, injin nan shekara nawa zai yi. Mai binciken asusu yana tabbatar da cewa an bi ƙa'ida, amma ba ya zaune a ofis ranar da babban mai saye ya ce ba zai dawo baɗi ba. Manaja ya san wannan, mai hannun jari a Filinge bai sani ba. Kuma ko manajan ya fito ya ce gobe za ta yi kyau, maganar ba ta da amfani, domin manajan kamfani mai ciwo ma haka zai ce. Faɗa ba ta cin kuɗi. Abin da ake buƙata shi ne wani aiki da mai gaskiya zai iya yi cikin sauƙi, maƙaryaci kuma ya sha wuya idan ya kwaikwaya. Wannan shi ne tunanin da Michael Spence ya shimfiɗa a 1973 game da takardar shaidar karatu a kasuwar neman aiki, kuma shi ne Sudipto Bhattacharya ya ɗora a kan rabon riba a 1979.

Bari mu yi lissafin da kayan da muka sani. A ƙaddara kamfanoni biyu ne a Bonkuku, duka suna sayo irin dankalin turawa kafin lokacin sanyi, su ba manoman fadamar Dallol Boso, su sayi amfanin bayan haƙa su kai Yamai. Misali ne na ƙirƙira, ba wasu kamfanoni na gaske ba. Bana kowannensu ya tara sefa miliyan 100. Kowannensu yana buƙatar miliyan 60 duk shekara domin sayen iri da sufuri da gyaran sito, saura miliyan 40. Dukansu sun saba raba miliyan 10. Rahotonsu na bana iri ɗaya ne, layi da layi.

Bambancin yana cikin abin da ba a rubuta ba. Daraktocin na farko sun san miliyan 100 ɗin za ta ci gaba da shigowa, domin masu sayensu tsayayyu ne kuma manomansu suna biyan bashin iri. Daraktocin na biyu sun san daga baɗi miliyan 70 kawai za su riƙa gani, domin ribar bana ta zo ne daga tsadar da dankali ya yi na ɗan lokaci, kuma wasu manyan masu sayensu sun koma wani wuri. Rarar gaskiya ta na farko miliyan 40 ce a shekara, ta na biyu miliyan 10. Idan kasuwa tana sayen kamfani da ninki goma na rararsa, na farko ya kai miliyan 400, na biyu miliyan 100. Amma mai saye da ke waje ba ya iya bambance su, don haka ba zai biya fiye da tsakatsaki ba, miliyan 250. Mai lafiya ya yi asarar miliyan 150 a darajarsa saboda zaman maƙwabtaka da mai ciwo. Wannan ita ce matsalar da George Akerlof ya bayyana a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci, kuma shi da Spence da Joseph Stiglitz suka karɓi kyautar Nobel a 2001 a kan wannan fage.

To, na farko sai ya sanar da cewa daga yanzu rabonsa miliyan 30 ne a shekara. A wurinsa abin ya zauna daidai: 100 ta shigo, 60 ta tafi aiki, 30 ta tafi rabo, 10 ta saura. Idan na biyu ya ce shi ma zai yi haka, bana zai iya, har ya ajiye miliyan 10. Baɗi 70 ce za ta shigo, ga kuma 90 da ke jiran fita. Ajiyar bara za ta toshe rabin giɓin, sauran miliyan 10 ya zama bashi. Shekara ta uku giɓin miliyan 20 ne cur, babu ajiya. Hanyoyi uku ne a gabansa, duk masu ɗaci. Ko ya je banki ya ci bashi da ruwa domin ya biya rabo, ko ya rage sayen iri, wanda zai ƙara rage abin da ke shigowa, ko ya fito gaban jama'a ya rage rabon da ya ƙara jiya, farashi ya faɗi, masu hannun jari su nemi kujerar manaja. Daraktan da ya hango wannan tun farko ba zai shiga ba. Da ya ƙi shiga, kasuwa ta gane wane ne wane.

A lura da girman ƙarin, domin nan ne ɗalibai ke yawan zamewa. Da na farko ya tsaya a miliyan 15, da bai faɗi komai ba. Na biyu zai bi shi, ya ajiye miliyan 25 bana, giɓinsa na shekara ya zama miliyan 5 kawai, ajiyar ta ɗauke shi shekara biyar kafin asiri ya tonu. A cikin shekara biyar manaja ya canja aiki, manyan masu jari sun sayar sun fita. Ishara tana aiki ne kawai idan ta kai girman da mai rauni ba zai iya ɗauka ba. Shi ma mai lafiyar ba kyauta ya yi ta ba. Ya rage wa kansa abin kariya idan ruwan rijiyoyin fadama ya ja baya wata shekara, kuma masu hannun jarinsa za su biya haraji a kan abin da aka ba su, wanda a Najeriya kashi 10 cikin 100 ne ake cirewa tun daga tushe. Masana sun sha bamban a kan wace tsada ce ginshiƙi. Bhattacharya ya ce tsadar neman kuɗi daga waje ce idan an gaza cika alkawari. Miller da Kevin Rock a 1985 suka ce jarin da aka fasa zubawa ne. Kose John da Joseph Williams, su ma a 1985, suka ce harajin ne. Amma duka sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa nauyin ya fi danne mai rauni.

Wani zai ce ai ba dole ba ne kamfani ya maimaita rabon bana baɗi, doka ba ta tilasta shi ba. Haka ne. Abin da ya mayar da rabo alkawari al'ada ce, kuma John Lintner ne ya fara rubuta ta a 1956 bayan ya tattauna da shugabannin kamfanoni 28 a Amurka. Ya tarar ba sa tambayar kansu nawa za mu raba bana, suna tambaya ne ko akwai dalilin canja abin da muka raba bara. Ba sa ƙari sai sun gamsu cewa ribar ta zauna da gindinta, kuma suna ƙin ragi ƙwarai. Idan riba ta yi tsalle, rabo yana bin ta ne a hankali, taki bayan taki. Tun da kasuwa ta san daraktoci haka suke, duk ƙarin da suka yi tana karanta shi a matsayin sa hannu a kan shekaru masu zuwa. Kamfanin Shell ya riƙe wannan al'ada tun bayan yaƙin duniya na biyu bai rage rabo ba, sai ranar 30 ga Afrilu 2020, da annobar korona ta karya farashin mai, ya sauko da rabon wata uku daga santi 47 zuwa 16. A ranar hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin 100. Kowa ya riga ya san mai ya karye, ba wannan ne sabon labari ba. Sabon labarin shi ne mutanen da ke ciki ba sa ganin abin zai warware nan kusa.

Ga misali na kusa da gida, wanda na fi so domin yana da fuska biyu. Kamfanin simintin Ɗangote ya ci ribar kusan naira biliyan 390 bayan haraji a 2018, ya raba naira 16 a kan kowane hannun jari. A 2019, shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta, abin da mu a Nijar ba mu manta ba, ribar ta sauko zuwa kusan biliyan 200. Wanda ya tsaya a kanun labari zai ce rabin kamfanin ya tafi. Hannayen jarinsa kusan biliyan 17 ne, don haka ribar kowane ɗaya ba ta kai naira 12 ba. Duk da haka daraktoci suka sake ba da naira 16, wato kusan biliyan 272 gaba ɗaya, fiye da ribar shekarar da sama da biliyan 70.

Me suke cewa da wannan? Suna cewa faɗuwar ba ta kai yadda take a ido ba. Kuma akwai dalili: ribar 2018 ta kumbura ne da wani rangwamen haraji da aka shigar a lissafin shekarar, ba daga sayar da siminti kaɗai ba. Kafin haraji, saukar daga kusan biliyan 300 ce zuwa kusan biliyan 250. Haka kuma kamfanin siminti yana cire kuɗin tsufan injuna daga ribarsa, alhali wannan kuɗi ba ya fita daga asusu, don haka abin da ke hannu ya fi abin da ke takarda. Shekarun da suka biyo baya sun gaskata su. Ribar 2020 ta kai kusan biliyan 276, ta 2021 kusan biliyan 364, kuma sai a kan ribar 2021 ɗin ne suka ɗaga rabo zuwa naira 20. Sun riƙe 20 a 2022, sannan suka koma 30 a kan ribar 2023. Riba tana hawa da sauka, rabo yana tafiya a matakala. Lintner ke nan, a Legas.

Fuska ta biyu kuwa Malam ya kamata ya kawo ta, tun da bai kawo ba ni zan kawo masa. Kimanin kashi 85 cikin 100 na hannayen jarin kamfanin suna hannun rukunin kamfanonin Ɗangote ne. Mai irin wannan kaso ba ya buƙatar a yi masa ishara, shi ne a cikin ɗakin. Kuma a waɗannan shekaru rukunin yana gina matatar mai a Lekki, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, aikin da ya ci kuɗi masu yawa. Mai hankali zai iya cewa an riƙe naira 16 ne domin babban mai jari yana da inda zai kai kuɗin, ba domin a sanar da ƙananan masu jari komai ba. Wannan karatu yana da ƙarfi, kuma ba na musun sa. Abin da nake cewa shi ne, ko da niyyar ba ta ishara ba ce, labarin ya fita. Mutumin da ya mallaki kashi 85 na kamfani, idan ya zare masa kuɗin da zai raunana shi, kashi 85 na raunin a kansa zai sauka. Yardarsa da a fitar da biliyan 272 ta nuna wa na waje cewa yana ganin kamfanin zai iya ɗauka.

Wannan bambanci tsakanin niyya da sakamako shi ne amsar wani binciken da ke gefen Malam. A 2005 Alon Brav da John Graham da Campbell Harvey da Michaely sun tambayi manyan jami'an kuɗi 384. Yawancinsu ba su yarda cewa suna jawo wa kamfani tsada da gangan domin su bambanta da abokan gasa ba. Amma su ɗin ne suka ce rabo yana isar da labari ga kasuwa, kuma da yawansu sun ce gara su nemo kuɗi daga waje, ko ma su jinkirta wani aiki, da su rage rabo. Daraktan da ke tsoron ragi har haka ba zai yi ƙari da wasa ba. Ba sai ya karanta Bhattacharya ba kafin ƙarinsa ya zama shaida.

Saura hujja ta uku. Malam ya dogara da binciken Shlomo Benartzi da Michaely da Thaler na 1997, wanda ya gano cewa kamfanonin da ke ƙara rabo sun riga sun ga ƙarin riba a shekarar da ta wuce da wadda ake ciki, amma ba a ganin wani ƙarin hawa na musamman a shekaru biyu masu zuwa. Wannan sakamako na gaske ne, kuma ya rusa wani nau'i na ra'in, nau'in da ke cewa ƙarin rabo bushara ce ta ƙarin riba. Duk ɗalibin da ya rubuta haka a jarrabawa ya cancanci a rage masa maki. Amma binciken bai tsaya nan ba. Ya kuma gano cewa kamfanonin da suka ƙara rabo ba su cika ganin ribarsu ta koma baya ba, idan aka gwada su da takwarorinsu da suka ci irin wannan riba amma ba su ƙara ba. A koma ga kamfanonin Bonkuku. Na farko bai taɓa cewa baɗi zai tara miliyan 130 ba. Cewa ya yi 100 ɗin nan ba ta wucin gadi ba ce. Wanda ya bincika ko ribarsa ta ƙaru zai ga ba ta ƙaru ba, ya ce ishara ta yi ƙarya, alhali ya tambayi abin da ba a faɗa ba ne. Gustavo Grullon da Michaely da Bhaskaran Swaminathan sun ƙara haske a 2002, inda suka nuna cewa ƙarin rabo yana tafiya da raguwar haɗarin kamfani. Saƙon na ɗorewa ne, ba na bunƙasa ba.

Batun kamfanonin da suka riƙa rabo suna kan hanyar faɗuwa kuwa, gaskiya ne ana yi. General Electric a farkon 2009 shugabanninsa suna ta nanata cewa rabo yana nan, a ƙarshen Fabrairu suka sare shi daga santi 31 zuwa 10. A Nuwamba 2017 suka raba shi biyu, daga 24 zuwa 12, kafin shekara ta cika suka mayar da shi santi ɗaya. Ra'in bai ce ba a iya ƙarya ba, cewa ya yi ƙaryar tana da tsada kuma tana da wa'adi. Wa'adin yana tsawo idan kamfani yana da manyan kadarori da zai sayar ko bankuna masu ba shi bashi ba tambaya, kuma yana da daɗi ga manajan da ladansa ya rataya a kan farashin bana kawai. Ana gane irin wannan ta hanyar duba inda kuɗin rabon suka fito. A ɗauki kuɗin da aikin kamfani ya shigo da su a zahiri, a cire abin da aka kashe a kan injuna da gine-gine, a gwada saura da jimillar rabo. Idan rabo ya fi saura shekara ɗaya, kamar yadda kan faru, ba abin tashin hankali ba ne. Idan ya fi shi shekara uku a jere, bashi kuma yana hawa, to masu hannun jari kuɗin banki suke karɓa da sunan riba.

Akwai kuma inda ragi ba ya nufin ciwo, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ke Nijar yana son hannun jari a kamfanin ƙasarsa, a kasuwar BRVM ta Abijan zai same shi, kuma bankin BOA Nijar ne ke can tun 2003. Banki ba kamar kamfanin siminti ba ne, akwai hukuma a kansa. A ƙarshen 2023 majalisar ministocin ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka ta ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga biliyan 10 zuwa biliyan 20. Bankin da ke neman cika irin wannan sharaɗi yakan riƙe riba, ko ya mayar da ajiyarsa jari ya raba wa masu hannun jari sababbin hannaye kyauta. Da hannaye suka ƙaru, rabon kowane ɗaya zai sauka ko da jimillar ba ta canja ba. Wanda ya ga adadin ya ragu ya ruga ya sayar bai karanta ishara ba, ya kasa lissafi ne. A Najeriya ma, a watan Yunin 2025 babban banki ya umarci bankunan da ke ƙarƙashin sassaucin ƙa'idar bashi su dakatar da rabon riba. A nan ba daraktoci ne ke magana ba, hukuma ce, ko da yake shigar banki cikin jerin waɗanda umarnin ya shafa shi ma labari ne. Sannan a tuna da takunkuman da aka ƙaƙaba wa Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, lokacin da samun kuɗi a hannu ya yi wuya. A irin wannan yanayi riƙe kuɗi hankali ne, kuma dole a karanta rabon kowane banki na ƙasar da wannan a zuciya.

Malam ya ambaci wani bayani na daban, na Michael Jensen a 1986, cewa farashi yana hawa ne domin rabo yana ƙwace rarar kuɗi daga hannun manajoji kafin su ɓarnatar da ita. Ya kawo shi kamar kishiyar ra'in ishara. Ni ban ga kishi ba. Daraktan da ya ɗaure kansa da biyan miliyan 30 duk shekara ya faɗi abu biyu a lokaci guda, cewa kuɗin za su zo, kuma idan sun zo ba zai tsaya da su a ofis ba. Raba gudummawar kowanne a cikin motsin farashi aiki ne mai wuya, masana suna kai har yanzu, amma wuyar rabawa ba ta mayar da ɗayansu sifili.

Ƙungiyoyin manomanmu na Imanan da Kurfai, masu mayar wa mambobi rarar ƙarshen shekara, ba su shiga wannan lissafi sosai ba. Ba a sayar da rabonsu a kasuwa, kuma mamba yana iya zuwa ya leƙa sito da idonsa. Inda tazarar sani ta yi ƙanƙanta, ishara ba ta da aikin yi da yawa. Tana da ƙarfi ne inda mai jari yake Filinge, ofishin kamfani yake Yamai, kasuwar kuma take Abijan.

Ɗaliban da za su shiga jarrabawa da maƙalar Malam a hannu, ku riƙe sashenta na Miller da Modigliani, yana da kyau. Amma idan aka tambaye ku ra'in ishara, kada ku rubuta cewa tatsuniya ce, kada kuma ku rubuta cewa ƙarin rabo alkawarin ƙarin riba ne. Ku nuna wa mai gyaran takarda wane ne ya san abin da wani bai sani ba, nawa kwaikwayo zai ci wa mai rauni, sannan ku kawo lissafi irin na miliyan 30 da miliyan 15 da hannunku. Malam kuma, muna jiran ya gaya mana abin da ya motsa farashin Shell ranar 30 ga Afrilu 2020.